Yadda iyali za su yi idan ɗansu ya fara jin muryoyin da babu su

A ce ƙaninka ɗan shekara 22 ya daina barci, ya ƙi cin abincin gida, yana cewa an zuba masa guba, yana kuma jin maƙwabta suna zaginsa ta cikin bango. Abu biyu ne nan. Muryar da yake ji alhali ba mai magana, ko abin da yake gani wanda ba mai ganinsa sai shi, ƙwaƙwalwarsa ce ke kawo masa, kuma yana jinsu ne kamar yadda kake jin kiran sallah. Zancen guba kuwa imani ne da ya kafu, wanda hujja ba ta tumɓuke shi.

Da farko, kada ka yi musu da shi. In ka tsaya rantse-rantse cewa ba guba, kai ma ka shiga sahun waɗanda yake zargi. Kada kuma ka biye masa. Ka ce: "Ni ban ji muryar ba, amma na ga ta tsorata ka. Me take ce maka?" Amsar tana da muhimmanci, domin in muryar tana umartarsa ya kashe kansa ko ya cutar da wani, a ranar za a tafi asibiti, kuma ba a barinsa shi kaɗai. Batun abinci, ku ci tare a kwano ɗaya, ko a bar shi ya dafa da kansa.

A rage taro. Mutum ɗaya da ya fi yarda da shi ya riƙa yi masa magana, a hankali, ba raɗa a gabansa. A kawar da wuƙa, igiya da maganin ƙwari.

Sai a duba jikinsa. Zazzaɓi, sanƙarewar wuya, farfaɗiya ko rashin gane inda yake suna nuna ciwon jiki da ya taɓa ƙwaƙwalwa, wannan na gaggawa ne. Haka mai jego da ta rikice a makonnin farko bayan haihuwa. A gaya wa likita gaskiya in yana shan wiwi ko ƙwaya, da ranar da barcinsa ya lalace.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware ta Sakkwato, akwai kuma na Dawanau a Kano. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, amma watannin da ake ɓatawa ana yawo suna sa jinya ta yi wuya. Duka da sa mari kuwa tabbatar masa suke yi cewa ana farautarsa.

Magani yakan dawo da barci cikin kwanaki, amma muryoyi da zargi sukan ɗauki makonni kafin su lafa. In wuyansa ya karkace ko harshensa ya yi nauyi, a koma wurin likita nan take, illar maganin ce kuma ana magance ta. Kada a tsayar da magani don ya samu sauƙi. Yawanci ana ci gaba aƙalla shekara ɗaya, likita ne zai rage shi a hankali.