Kurakuran da ake yi wajen tace rubutu a kan mabiya addinan da ba su da rinjaye

Zagi tsirara ba ya wahalar da mai tace rubutu, domin ido yana kama shi tun a karatun farko. Abin da ke tsallake edita shi ne son ran da ya ɓuya a cikin kalmomin da muka saba ji har suka daina yi mana kama da hukunci. Bari mu ɗauki daftarin labari irin wanda wakili zai iya aikowa a watan Muharram. Misali ne na tsara don aikin nan:

"Gungun 'yan haramtacciyar ƙungiyar Shi'a sun mamaye babban titin garin jiya da sunan wai juyayin Ashura. 'Yan sanda sun tabbatar da cewa an jefe su da duwatsu, yayin da 'yan ƙungiyar suka yi iƙirarin an kashe musu mutum biyu. Al'ummar Musulmin garin sun nuna damuwa."

Babu ashar ko ɗaya a ciki, amma an riga an yanke shari'a kafin mai karatu ya kai ƙarshe.

Kuskuren farko yana cikin sunan, kuma ya wuce rashin ladabi, ƙarya ce a zahiri. Shi'a mazhaba ce, ba ƙungiya ba. Abin da gwamnatin Kaduna ta haramta a 2016, kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ba da umarnin haramtawa a watan Yulin 2019, shi ne Harkar Musulunci a Najeriya da Shaikh Ibrahim Zakzaky ke jagoranta. Fadar shugaban ƙasa da kanta ta fito a lokacin ta ce ba mazhabar aka hana ba. Akwai kuma 'yan Shi'a a ƙasar nan da ba sa bin Zakzaky, wasunsu ma sun saɓa da shi a fili. Don haka idan edita ya bar "haramtacciyar ƙungiyar Shi'a", ya mayar da mutumin da bai taɓa fita muzahara ba mai laifi a idon maƙwabcinsa. Gyaran shi ne a kira wakilin a tambaye shi: su wa suka fito? In mabiya Zakzaky ne, a rubuta hakan. In batun haramcin ya shafi labarin, a ba shi jimlarsa daban, a faɗi wanda ya haramta da shekarar.

Nan ne wasu ke zamewa zuwa ɗaya ɓangaren. Don gudun ɓata wa mutane rai sai su ɗauki sunan da jama'ar ke kiran junansu da shi a cikin gida, su rubuta "'yan'uwa" ko "waƙi'a" ko "shahidai" da bakin jarida. Wannan ma ɗaukar ɓangare ne. Sunan da ake nema shi ne wanda masu shi za su amsa, wanda kuma ba ya tilasta wa mai karatu yarda da da'awarsu. Da wannan ma'aunin ne "Rafilawa" ke fita, kamar yadda "Ƙadiyanawa" ke fita a rubuta 'yan Ahmadiyya, tunda su ba sa amsa sunan da aka ciro daga garin Ƙadiyan na Indiya. Haka "arna" da "matsafa" a labarin ƙauyen Maguzawa. Shi kansa sunan Maguzawa yana buƙatar tambaya, domin da yawa daga cikin zuriyarsu a Kano da Katsina yanzu Kiristoci ne ko Musulmi, kuma wani zai ce maka shi Bahaushe ne Kirista, ka kira shi da hakan.

Kuskure na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne yawa, yana cikin kalmomin aikatau. Duba yadda daftarin ya raba su: 'yan sanda "sun tabbatar", ɗaya ɓangaren kuma "sun yi iƙirari". Wakilin bai ga jifan ba, bai ga gawa ba, amma ya gaskata ɗaya ya ƙaryata ɗaya. Idan hujjar da ke hannu ɗaya ce, wato maganar baki, to kowa "ya ce". Kalmar "tabbatar" sai an sami abin da ya wuce faɗa, kamar takardar asibiti ko ganin idon wakilin. Tarihi ya koya mana dalilin wannan takatsantsan. Bayan abin da ya faru tsakanin sojoji da mabiya Zakzaky a Zariya a Disambar 2015, an daɗe ana kiran yawan mamatan da iƙirari, har sai da jami'in gwamnatin Kaduna ya shaida wa kwamitin bincike a 2016 cewa an binne gawa 347 a kabari ɗaya.

'Yar ƙaramar kalmar nan "wai" ita ma a sa mata ido. A labari tana iya nufin ji aka yi, amma in ta zo gaban ibadar wani, kamar "wai juyayi" ko "wai sallarsu", ta zama taɓe baki. A cire ta. "Gungu" da "mamaye" kuma kalmomin 'yan fashi da mayaƙa ne. Hanya mafi sauƙi ta gane su ita ce ka cire sunan jama'ar ka sa na masu rinjaye, ka sake karantawa. Za ka rubuta cewa gungun masu Maulidi sun mamaye titi, ko masu sallar Juma'a? Idan hannunka ya ƙi, to kalmar ba ta dace da kowa ba. Wannan ba ya nufin a ɓoye cewa an tare hanya. In an tare, a faɗi wace hanya, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, da wanda abin ya cutar. Bayani dalla-dalla ya fi "mamaye" nuna girman takurar.

Sai jimlar ƙarshe, wadda ta fi kama da marar laifi. "Al'ummar Musulmin garin sun nuna damuwa" ta fitar da masu muzaharar daga Musulunci ba tare da ta furta ba, ta kuma sa dukan gari ya yi magana da baki ɗaya alhali wataƙila mutum biyu aka ji. Hukuncin wanda ke cikin addini da wanda ya fita ba aikin ɗakin labarai ba ne. Malamin da ke rubuta raddi yana da filinsa, ya sa sunansa ya kawo hujjarsa, amma rahoto ba raddi ba ne. Ga yadda sakin layin zai koma:

"Mabiya Shaikh Ibrahim Zakzaky sun yi muzaharar Ashura jiya a babban titin garin, abin da ya tsayar da zirga-zirga tun daga safe har azahar. 'Yan sanda sun ce an jefe su da duwatsu. Mai magana da yawun masu muzaharar ya ce an kashe musu mutum biyu, kuma ba mu iya tabbatar da ko ɗaya daga cikin maganganun biyu ba. Wasu 'yan kasuwa a titin sun ce sun rufe shaguna don tsoro."

Maganar da aka ɗauko daga bakin mutum kuwa ba a taɓa ta. Idan mai wa'azi ko ɗan siyasa ya yi amfani da kalmar ɓatanci, edita ba shi da ikon sauya ta a cikin alamar zance. Zaɓi biyu gare shi: ko ya bar ta da sunan mai ita idan furucin shi ne labarin, ko ya cire alamar zancen ya ba da ma'anar da nasa kalmomin. Abin da bai kamata ba shi ne a ɗaga kalmar zuwa kanun labari babu sunan wanda ya faɗa, domin a nan ta zama maganar jarida.

Alƙaluma ma ana cusa son rai a cikinsu. "'Yan tsiraru" da "miliyoyi" duk suna shigowa ba madogara. Ƙidayar 2006 ba ta tambayi addinin kowa ba, balle mazhaba, saboda haka duk adadin da aka kawo ƙiyasi ne, kuma dole a faɗi na wane ne.

Bayan an gama da gangar rubutun, a koma kan kanun labari da bayanin da ke ƙasan hoto da gajeren saƙon da za a ɗora a Facebook ko WhatsApp. Sau da yawa wani ne daban ke rubuta su cikin gaggawa daga daftarin farko, sai kalmar da aka cire a ciki ta dawo a sama, inda mafi yawan mutane ke tsayawa.