Yadda ake tsara saƙon barka da sallah tun ba a ga wata ba

Mai son tura gaisuwar ƙaramar sallah ga mutane da yawa, ko abokan ciniki ne ko 'yan wata ƙungiya, yana fama da matsala guda: dole ya rubuta saƙon, wani lokaci ma ya sa masa lokacin fita, alhali babu wanda ya san ranar idin. Watan Musulunci kwana 29 yake yi ko 30. Ana fita duban wata da faɗuwar ranar 29 ga Ramadan. In an gani, washegari sallah. In ba a gani ba, a cika azumi talatin. Ke nan ranaku biyu ne ke takara, kuma aikin shi ne a sami kalmomi da lokacin da za su dace da kowacce.

Da farko a gano ranar 29 ta wanda za a tura wa, domin ba lallai ta zo daidai da ta mai turawa ba. Ana lissafa ta ne daga ranar da hukumar ƙasarsa ta ayyana a matsayin 1 ga Ramadan. A Saudiyya Kotun Ƙoli ce ke sanarwa, a Najeriya Sarkin Musulmi, a Indonesiya ma'aikatar harkokin addini. Kalandar bango ko ta waya ba ta isa hujja ba, saboda yawancinsu lissafi suke bi, an buga su tun kafin a ɗaga kai sama.

Abin da ya faru a 2025 ya isa misali. Saudiyya da Najeriya da Masar sun ɗauki azumi ranar Asabar 1 ga Maris, don haka ranar dubansu ta faɗo Asabar 29 ga Maris. Saudiyya da Najeriya suka sanar da ganin wata, suka yi idi Lahadi 30 ga Maris da azumi 29. Masar ta cika talatin, ta yi idi Litinin 31 ga wata. Pakistan da Maroko kuwa sai 2 ga Maris suka fara azumi, suka duba wata ranar Lahadi, su ma suka yi idi Litinin, amma da azumi 29. Wanda ya tura "yau take sallah" da safiyar Lahadi ga duk waɗannan mutane, ya gaida wasu suna tsaka da azumi. Wanda ya rubuta "bayan azumi talatin" kuma, mutanen Masar kaɗai ya faɗa wa daidai a cikinsu.

Mataki na biyu shi ne tace rubutun, kuma nan ne ya kamata a zauna a natsu. A bi saƙon kalma bayan kalma a cire duk abin da ke ɗaure shi da wata rana: "yau", "gobe", "daren nan", "jajibiri", sunan rana kamar Lahadi, kwanan watan Bature, da adadin azumi. Akwai masu ɓuya a cikin jimla ba a lura ba. "Yayin da muke shirin fita idi" ta nuna safiyar sallah ce. "Barka da shan ruwa" na iya nuna har yanzu ana azumi. "Sai mun haɗu a filin idi gobe" ta fi kowacce haɗari, domin wani zai ɗauke ta a matsayin labarin an ga wata, ya tura wa wasu goma. Abin bai tsaya ga jin kunya ba: azumi a ranar idi haramun ne, ajiye shi a ranar 30 ga Ramadan ba tare da uzuri ba shi ma laifi ne, to bai kamata saƙon gaisuwa ya zama shi ya ruɗa mutum ba.

Kwanan wata ɗaya ne ba ya ƙarya, shi ne na Hijira. Ƙaramar sallah 1 ga Shawwal ce ko da wace rana ta faɗo, don haka ana iya buga "1 ga Shawwal" da shekarar Hijira, kamar 1446 a misalin 2025, a kati ko hoto tun tsakiyar azumi ba fargaba. A dai guji jera shi da kwanan watan Bature a gefensa.

Ga yadda gyaran yake. Maimakon "Barka da sallah, muna taya ku murnar wannan rana ta Lahadi bayan kammala azumi talatin", sai a rubuta: "Muna taya ku murnar kammala azumin Ramadan da zuwan sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana." Wannan na biyun ba ya kama suna, kuma addu'ar da ke cikinsa daidai take ko an karanta ta ranar 29, ko ranar idi, ko washegarinta.

Sai lokacin turawa. Hanyoyi uku ne, gwargwadon ko akwai wanda zai zauna ya jira sanarwa.

In akwai, a ajiye saƙon a shirye, kada a sa masa lokaci. Da zarar hukumar da masu karɓa ke bi ta yi magana, sai a tura a daren ko da safe. A jira sanarwar ita kanta daga kafar hukumar ko gidan rediyo da talabijin da suka ɗauko ta, domin tsakanin magariba da fitowarta ne jita-jita ke yawo, har da tsofaffin hotunan sanarwar bara. A tuna kuma Saudiyya na gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, labarinta yakan riga isowa, amma bai yanke hukunci a kan wata ƙasa ba.

In babu mai jira, kuma dole a sa wa manhaja lokaci, a zaɓi safiyar rana ta biyu cikin ranakun nan biyu. Dalilin a fili yake: in sallah ta faɗo a ta farko, saƙon ya iso washegarin sallah, lokacin da ake ci gaba da gaishe-gaishe, ba wanda zai ga baƙonsa, in ta faɗo a ta biyu, ya zo daidai. Makara da kwana ɗaya ba ta ɓata gaisuwar sallah, riga-malam-masallaci ne ke ɓata ta. A misalin 2025, ga mai tura wa Najeriya da Masar, ƙarfe 8 na safiyar Litinin 31 ga Maris ita ce amintacciya. A duba agogon wace ƙasa manhajar ke bi, kuma a nisanci ƙarfe 12 na dare, inda kuskuren awa guda ke mayar da saƙo ranar da ta gabata.

Hanya ta uku ita ce a riga kowa, a tura da rana a 29 ga wata kafin magariba, da lafazin abin da ke tafe: "Sallah na ƙaratowa, muna yi muku fatan ganin ta lafiya." Ta fi dacewa da sanarwar da ke ɗauke da bayani, kamar rufe ofis. A nan a faɗi sharaɗin ƙarara: "Za mu rufe ranar sallah da washegarinta, sallar kuwa Lahadi ce ko Litinin, gwargwadon ganin wata." Ambaton ranakun biyu tare da sharaɗinsu ba laifi ba ne, ambaton ɗaya ita kaɗai ne matsalar.

In jerin masu karɓa ya haɗa ƙasashen da suka fara azumi a ranaku daban-daban, a raba shi gida-gida bisa ranar farawa, kowane gida da nasa lissafin. Waɗanda suka fara 2 ga Maris 2025, ranakunsu biyu su ne 31 ga Maris da 1 ga Afrilu, don haka Litinin ɗin da ta zama amintacciya ga wasu, a wurinsu caca ce har sai an duba wata.

Gaisuwar shiga azumi haka take, sai dai lissafin daga 29 ga Sha'aban yake tashi. Babbar sallah kuwa ba ta da wannan wahalar: tunda 10 ga Zulhijja ce, ana sanin ranarta tun daren da aka sanar da tsayuwar watan, sai a sa wa saƙo rana da lokaci kai tsaye bayan wannan sanarwar.