Yadda za ka hana sarkin abokin wasa hawa layi na 6 in an fi ka da piyon guda

Yaran da muke buga eshek da su a fadarmu nan Yamai, da zarar wasa ya rage sarki da tur kowane ɓangare kuma an fi su da piyon ɗaya, sai su fara jefa eshek ta ko'ina har a cinye su, alhali wannan matsayin canjaras ne tun 1777 da Philidor, gwanin eshek ɗan Faransa, ya nuna yadda ake riƙe shi. Babban sharaɗin shi ne, sarkinka ya riga ya tsaya gaban piyon ɗin.

Jera haka a allo ka bi ni. Fari: sarki d5, piyon e5, tur a7. Kai ne baƙi: sarki e8, tur h6.

Dubi tur ɗinka, ya shimfiɗe a layi na 6 gaba ɗaya, sarkin fari ba shi da ikon taka d6 ko e6 ko c6. Aikin kenan, ka hana shi hawa. Ba ka neman cin piyon, ba ka neman komi, jira kawai kake yi, tur h6 zuwa g6, g6 zuwa h6. Ni wajen nan biyu kaɗai nake yarda a yi jiran, don f6 da d6 piyon zai cinye ka, e6 da c6 bakin sarki ne, a6 kuma tur ɗinsa na kallo. b6 ma ya halatta amma sarki zai zo c5 ya kore ka, ɓata lokaci ne in agogo na gudu. In ya ba ka eshek a a8 ka hau e7, ya dawo a7 ka koma e8, shikenan babu abin da ya canza.

To fari in ya gaji dole ya tura piyon e6, don ya yi wa sarkinsa inuwa ya hau d6. Nan ne fa ake mutuwa, wallahi nan ne. Hannu ya saba da h6 g6 h6 g6, sai yaro ya sake buga tur g6 bai ma duba ba. Sarki ya hau d6, yanzu tur a8 mat ne, domin d7 da e7 na hannun sarkin fari, f7 na hannun piyon. Ka gudu f8, ya ba ka eshek a a8, ka je g7, ya sa sarki d7, piyon ya wuce e7 ya zama dam, ba mai tsayar da shi.

Abin da za ka yi: piyon na taka e6, a wannan bugun, ba na gaba ba, tur ya bar layi na 6 ya sauka can ƙasa h1. Sarki d6, tur d1 eshek. Sarki e5, tur e1 eshek. Sarki f6, tur f1 eshek. Ina zai ɓoye? Gidan da zai fake shi ne e6, kuma piyon ɗinsa ya zauna a kai. In ya sauko yana bin tur ɗinka har layi na 3 ko na 2 ya bar piyon ba mai gadi, ka sa tur a layin e ka ɗauke abinka. Ka sauka har layi na 1 fa, kar ka tsaya h4 ko h3, kusa da sarki eshek ba ya daɗewa.

Akwai masu gaggawa kuma, sun ji ance eshek ta baya, sai su sauka h1 tun piyon na e5. Sarki d6, tur d1 eshek, sarki e6, ya fake gaban piyon ɗinsa eshek ya ƙare. Yanzu tur a8 na zuwa, in ka tare da tur d8 a yi musaya, sarki f7, piyon ya tafi. Saboda haka idonka a kan piyon: yana layi na 5 kana layi na 6, ya taka na 6 ka sauka.

In kai ne fari kake karewa sai ka juya lissafin, layi na 3 ne naka, eshek kuma daga layi na 8. Sauran kawai ka yi ta bugawa har matsayi ɗaya ya maimaitu sau 3 ka nemi canjaras, a allon katako kai za ka buɗe baki ka faɗa, ba wanda zai faɗa maka. Ka jera shi a waya ka kare da mashin yana riƙe da fari, ba ya cin ko dala.