Darasi na Bakwai: Sayar da Waya Haɗe da Kayanta

Duk wanda ya zauna a shagon waya, a kasuwar Farm Centre ta Kano ne ko a ɗan teburi a bakin tasha, ya san sabuwar waya ba ta da riba sosai. Mai saye ya riga ya zaga shago uku ko huɗu, ya ji kuɗin Tecno ko Itel ɗin da yake so, don haka ba ka da damar ƙara masa komai. Ribar tana cikin ƙananan kaya: gilashin kare fuskar waya, rigar waya, iyafis da caja. Waɗannan ba kasafai ake zagaya kasuwa a kansu ba. A wannan darasi za mu koyi yadda ake haɗa su da waya a yanka musu farashi ɗaya, da yadda za ka gane ko haɗin yana kawo kuɗi ko yana cin jarinka.

Lissafin haɗi

Kuɗaɗen da ke ƙasa misali ne kawai, saboda farashi yana canzawa. Ka sa naka a madadinsu.

A ce ka saro waya a kan naira 95,000, kana sayarwa 100,000. Ribarka 5,000 ce. Gilashi ka saro 500, kana sayarwa 1,500. Riga ka saro 1,000, kana sayarwa 2,500. Iyafis ka saro 1,500, kana sayarwa 3,000. Kayan nan uku sun tsaya maka a 3,000, in kuwa an saye su ɗai-ɗai kuɗinsu 7,000 ne.

Wanda ya ɗauki waya da kayan uku ɗai-ɗai zai biya 107,000. Kai kuma sai ka ce duka a haɗe 105,500. Ka yi masa ragin 1,500, kuma ragi ne na gaske da zai iya lissafawa da kansa. Ribarka fa? Cire kuɗin saro waya 95,000 da na kaya 3,000 daga 105,500, saura 7,500. Mutum ɗaya ne, ciniki ɗaya ne, amma maimakon 5,000 ka samu 7,500.

Lura da inda ragin ya fito. Daga ribar ƙananan kaya ya fito, ba a taɓa kuɗin waya ba. Wannan ita ce ƙa'idar da ba a karyawa. Kafin ka buɗe baki, ka san iyakarka: kuɗin sayar da waya a haɗa da kuɗin saro kayan, wato 103,000 a misalinmu. A kan wannan kuɗi, kayan ba su kawo maka ko sisi ba. Ƙasa da shi, ka fara cin ribar waya. Mutanenmu ba sa barin tayi, kuma wanda aka yi wa ragi sau ɗaya zai nemi na biyu. Idan ya ce, "Haba Malam, bar mini duka a dubu ɗari da biyu mana," kada ka sauko. Ka ce, "Alhaji, to a cire iyafis, waya da gilashi da riga dubu ɗari da uku." Yanzu kaya biyu sun tsaya maka 1,500, ribarka 6,500. Rage kaya ake yi, ba a rage kuɗi kaya suna nan.

Me ya kamata a haɗa?

Sai abin da wayar ke buƙata a ranar da aka saye ta. Gilashi da riga su ne kan gaba, domin mutumin da ya fitar da dubu ɗari daga aljihu tsoronsa ɗaya ne, kada ta faɗi fuskarta ta tsage. Shi ya sa lokacin magana shi ne bayan an gama ciniki, an buɗe kwali, yana jujjuya wayar a hannu. A nan za ka ce, "A sa mata gilashi da riga tun kafin ta fita?" Idan ka ambaci haɗin tun farkon ciniki, sai ya cusa kayan cikin tayinsa ya ce gyara ne.

Duba cikin kwali tukuna. Sababbin wayoyi da yawa suna zuwa da cajarsu, wasu har da riga mara launi. Ka haɗa wa mutum caja ya je gida ya tarar da wata a kwali, zai ce ka yi masa wayo, kuma da gaskiyarsa. Caja ta fi dacewa da waya ta hannu, wadda yawanci ke zuwa tsirararta. Nan ma a duba bakin caji, ko Type-C ne ko tsohon ƙaramin baki, a jona a gabansa ya ga tana ɗauka. Caja mai arha da ke ɗumama waya ko ta mutu cikin mako, asara ce. Mai ita ba cajar zai dawo da ita ba, wayar zai ajiye maka a tebur ya ce ba ta riƙe caji.

Gilashi da riga suna da wata matsala: kowace waya da girmanta da wurin kyamararta. Ka sari riguna hamsin na samfuri ɗaya, kamfani ya fito da sabo, su zauna maka suna shan ƙura. Ka riƙa saro su daidai da yawan wayoyin da ke shagonka, da ɗan ƙari kaɗan na gilashi, don wani yakan fashe ko iska ta shige masa wajen liƙawa.

Yadda za ka gane ko yana aiki

Ɗauki littafi ka ja layi uku: abin da aka saya, kuɗin da aka biya, riba. A ƙarshen mako tara kuɗin duka, ka raba da yawan masu saye. Abin da ya fito shi ne matsakaicin ciniki, wato abin da kowane mutum yake bari a shago in an daidaita.

A ce makon jiya mutum goma sun sayi waya kaɗai. Kuɗi 1,000,000, matsakaici 100,000, riba 50,000. Wannan makon shida sun karɓi haɗi, huɗu sun ƙi. Shida sau 105,500 ya ba da 633,000, a ƙara 400,000, ya zama 1,033,000. Matsakaici ya koma 103,300. Wani zai raina, ya ce 3,300 kacal. Amma dubi layin riba: shida sau 7,500 ya ba da 45,000, a ƙara 20,000, ya zama 65,000. Ƙarin 15,000 ke nan a mako, ba tare da ƙarin mai saye ko ɗaya ba.

Sai dai akwai inda littafin zai iya ruɗin ka. Idan dama can masu sayenka suna ɗaukar kayan nan uku a cikakken kuɗinsu, to haɗin bai ƙara maka komai ba, ragin 1,500 kawai kake rabawa kowa. Saboda haka ka fara rubutun mako biyu kafin ka soma haɗi, don ka samu abin gwadawa. Idan matsakaici ya hau amma riba ta tsaya ko ta sauka, ragin ya yi yawa, sai a rage shi.

Aikin gida

1. Ka saro waya ta hannu 40,000, kana sayarwa 45,000. Caja ka saro 2,000, gilashi 500. Nawa ce iyakar da ba za ka sauka ƙasa da ita ba?
2. Ka sayar da haɗin a 49,000. Nawa ce ribarka?
3. Mutum biyar sun zo, uku sun karɓi haɗi, biyu waya kaɗai. Fitar da matsakaicin ciniki, ka kawo aji mako mai zuwa.