Kurakuran masu ɓad da kamar rubutun na'ura, da yadda ake gyara na gaskiya

Tun da ChatGPT ta fito a watan Nuwamban 2022, wata sana'a ta ɓullo a gefenta: manhajojin da ke karɓar rubutun da ƙirƙirarriyar basira ta samar, su jujjuya kalmominsa, wai don kada manhajojin bincike irin su Turnitin da GPTZero su gane shi. Ɗalibin da ya bi wannan hanya yakan tafka kurakurai da ke haifar da juna, kuma na farkon shi ne uwarsu.

Kuskuren farko shi ne zaton cewa manhajar bincike ce alƙali. Ita ba ta san wanda ya yi rubutu ba. Abin da take aunawa kawai shi ne yadda kalmomi ke bin juna: in kowace kalma ita ce wadda aka fi tsammani a wurin, jimlolin kuma tsayinsu kusan ɗaya, sai ta ce wannan ya yi kama da aikin na'ura. Hasashe ne, yana kuma kuskurewa ta kowane ɓangare. Kamfanin OpenAI mai ChatGPT da kansa ya fitar da tasa manhajar binciken a Janairun 2023, ya janye ta a watan Yuli saboda hasashenta ba ya cika yin daidai. A shekarar ce kuma masu bincike a Jami'ar Stanford suka nuna cewa irin waɗannan manhajoji sun ɗora wa fiye da rabin rubuce-rubucen jarrabawar Ingilishi ta TOEFL da suka gwada tambarin na'ura, alhali mutane ne suka rubuta su, mutanen da Ingilishi ba harshen uwa ba ne a wurinsu. Shi ya sa malamin da ya san aikinsa ba ya yanke hukunci da lambar da ta fito a allo. Kiran ɗalibi yake yi ya tambaye shi. Wanda ya ɓata dare yana kokawa da manhaja, ya shirya wa jarrabawar da ba ita za a yi masa ba.

Ga misali. A ce an ba ɗaliba aikin kalmomi 1,500 kan dalilin da ya sa ƙwayoyin bakteriya ke bijire wa maganin antibayotik. Ta sa na'ura ta rubuta, sannan ta zuba rubutun a manhajar juya kalmomi. Nan kuskure na biyu ya shigo, domin manhajar ba ta bambance kalmar fanni da kalmar hira ba. Inda aka ce bakteriya sai ta sa kalmar da ke nufin ƙwayar cuta kowace iri, har da bairos, wanda antibayotik ba ya yi masa komai. Inda aka ce bincike ya nuna akwai alaƙa tsakanin abu biyu, sai ta mayar da shi ɗaya ne ya haddasa ɗayan. Jimla ta yi santsi, ma'ana ta karye. Wannan tabo sananne ne: a 2021 masanin kwamfuta Guillaume Cabanac da abokan aikinsa sun bankaɗo takardun kimiyya da aka buga ɗauke da irin waɗannan murɗaɗɗun kalmomi, inda `artificial intelligence`, wato ƙirƙirarriyar basira, ta koma `counterfeit consciousness`, wato jabun hayyaci. Duk wanda ya san fannin, kallo ɗaya zai yi ya gane an taɓa.

Sai malama ta kira ta, ta ce, "Kin rubuta cewa jikin mutum ne ke sabawa da maganin. Ki bayyana min." Amsar gaskiya ita ce ba jiki ke sabawa ba. Cikin tarin bakteriya akwai 'yan kaɗan da ke da sauyin halitta da ke kare su. Magani ya kashe sauran, su kuma su hayayyafa su cike gurbin. Wannan shi ne gaba ɗayan darasin da aka ba da aikin dominsa, kuma ɗalibar ta miƙa shafi biyar ba tare da ya taɓa ratsa kanta ba. Fahimta tana zuwa ne a daidai lokacin da mutum ya maƙale yana neman yadda zai faɗi abu da bakinsa, wato wurin da ta tsallake.

Kuskure na uku ya fi sauran tsada. Wasu suna cusa haruffan Sirilik, irin na Rashanci, masu kama da na Latin, ko su ɓoye fararen haruffa tsakanin kalmomi, ko su zuba kurakuran rubutu da gangan. Rahoton Turnitin yana nuna wa malami haruffan da aka musanya da rubutun da aka ɓoye. Abin lura a nan shi ne niyya. Wanda ya yi amfani da na'ura bai faɗa ba, yana iya cewa bai fahimci doka ba, wani lokaci a sa shi ya sake aikin. Wanda aka samu harafin Rashanci a tsakiyar kalmarsa kuwa ba shi da bakin magana, don ba ya shiga bisa tsautsayi. Hukunci ya danganta da dokar makaranta, daga sifiri a aikin, zuwa faɗuwa kwas ɗin, zuwa dakatarwa ko kora, kuma ɓoyewa da gangan ita ke tura mutum can ƙarshen layin. Ga kuma madogaran bogi: na'ura takan ƙirƙiri sunan marubuci da mujalla da shekara, juya kalmomi ba ya goge su, malami kuma minti biyu ya ishe shi ya gano babu takardar.

To yaya gyaran gaskiya yake? Da farko a karanta dokar kwas ɗin, domin wani malami ya hana na'ura gaba ɗaya, wani ya yarda a nemi bayani da ita ko a gyara nahawu muddin an faɗa. In an hana, rubutun da ta samar ba abin gyarawa ba ne, ajiye shi za a yi a faro daga farko.

Ɗalibarmu sai ta rufe wancan shafin, ta koma littafin darasi da abin da ta rubuta a aji. Bayan ta karanta ta rufe su su ma, ta rubuta da ka, cikin jimla uku ko huɗu, abin da take son faɗa. Inda ta kasa, nan ne ba ta gane ba, can za ta koma ta sake karantawa. Daftarin da zai fito zai yi kaushi, ba laifi. Daga nan ne gyara ke farawa, kuma tambayoyinsa daban suke da na mai juya kalmomi: wannan sakin layi me yake tabbatarwa? Hujjar ta ɗauki nauyin maganar, ko na ce "ya haddasa" inda ya kamata in ce "yana da alaƙa"? Kowace madogara ta buɗe ta da hannunta, ta ga shafin da maganar take. Wadda ba ta samu ba ta cire. Kalmomin fanni kuma a bar su yadda suke, ko sau ashirin suka maimaitu.

Ta yi rubutun a inda ake adana tarihin gyare-gyare, kamar `Version history` na Google Docs, ta kuma ajiye takardun da ta yi zane-zanen farko a kai. In wata rana manhaja ta yi mata ƙazafi, abin da ke faruwa ga masu gaskiya ma, kwanakin da aikin ya yi yana girma su ne shaidarta. In kuma an yarda da na'ura ta yi amfani da ita, layi biyu a ƙarshen aikin sun wadatar: sunan manhajar, ranar, da abin da aka yi da ita, misali "na nemi bayanin yadda bakteriya ke musayar ƙwayoyin gado, na kuma tabbatar da shi a babi na 7 na littafin darasi."

Kafin ta miƙa, ta ba wata abokiyar karatu aikin, ta ce ta zaɓi kowane sakin layi ta tambaye ta a kai ba tare da ta duba takarda ba. Wanda ta kasa karewa, shi za ta sake zama a kansa a daren nan.