Albashin dubu 150 ba dubu 150 ba ne: inda masu kamfani ke yin kuskure

Wallahi abin yana damuna, mutum ya ɗauki ma'aikaci ya rubuta albashi kawai a littafi ya ɗauka shi kenan, sai ƙarshen shekara ya ga kuɗi sun zurare bai san ta ina ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne haɗa abin da ake cirewa daga albashin ma'aikaci da abin da kai kake ɗorawa daga aljihunka. A Najeriya dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8 cikin 100, mai kamfani kashi 10. Takwas ɗin nan cikin albashinsa take, goman kuwa taka ce, ƙari ce a kan albashi. Wasu sai su cire sha takwas ɗin gaba ɗaya daga kuɗin bawan Allah, wannan zalunci ne kuma saɓa doka ne. Sannan ba a kan tsurar albashi kaɗai ake lissafin ba, har da alawus na gida da na mota.

Mu ɗauka ka ɗauki akawu a dubu 150 a wata, a ciki tsurar albashi da kuɗin gida da na mota sun kama dubu 120. Fanshon da ke kanka dubu 12 kenan. NSITF, wato asusun diyya in ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki, kashi 1 ne na albashin duka, naira 1,500. In kana ba shi kuɗin abincin rana dubu ɗaya kullum, kwana 22, dubu 22 kenan. Goron sallah dubu 30 sau biyu, in ka raba wata 12 dubu 5 ne duk wata. Ka haɗa: 190,500. Kuma fa ba mu sa inshora ba tukuna.

Inshorar rai ita ce aka fi mantawa da ita. Dokar fanshon ta ce ka yi wa ma'aikaci inshorar da in ya rasu za a biya iyalinsa aƙalla ninki uku na albashinsa na shekara, ga akawun nan miliyan 5.4 kenan, kuma kai kaɗai ke biyan kuɗinta duk shekara, ba a taɓa albashinsa. Ka nemi farashi a rubuce wurin kamfanin inshora kafin ka yanke albashi, haka ma inshorar lafiya.

Sai riƙe kuɗin fansho ana juya su a kasuwa wai sai an samu sarari. Kwana 7 na aiki gare ka bayan biyan albashi ka tura kuɗin asusun fanshon ma'aikaci, in ya wuce akwai tara aƙalla kashi 2 duk wata a kan abin da ba ka tura ba, kuma shi ma'aikacin yana ganewa, don alat ba zai shigo masa ba. Ranar da ka biya albashi ka tura a ranar kawai.