Babi na 7: Yadda Ake Rubuta Rahoton Taron Bita Domin Waɗanda Ba Su Zo Ba

Darasi na 1: Kan takarda

Iyayena da yayyena, ku buɗe sabon shafi. Mu ɗauka ƙungiyar manoma ta yi taron bita a Mai Wurno kan ajiyar dawa bayan girbi, wasu kuma suna can aikin ridi a Gadarif, ba su samu zuwa ba. Su za mu rubuta wa.

A layin farko ka sa sunan taron, a na biyu wurin da aka yi shi, a na uku rana da wata. Ka fara daga hagu, don boko muke rubutawa, ba ajami ba. Ƙasa da haka sai manufa, wato abin da ya tara mu, a jimla ɗaya: "An taru don a koyi yadda za a hana ƙwari cin dawa a buhu."

Sai mahalarta. Misali: an gayyaci mutum 30, mutum 25 sun zo, 5 ba su zo ba. A kula a nan. Biyar ɗin Larabci da muka saba gani a kasuwa da'ira ce, kamar sifirin boko. Wanda ya gauraya su sai 25 ta koma masa 20. Ka haɗa waɗanda suka zo da waɗanda ba su zo ba, in bai ba ka 30 ba, ka sake dubawa.

Darasi na 2: Abin da aka tattauna

Kada ka rubuta "malamin gona ya yi bayani mai gamsarwa". Wanda ke Gadarif bai ƙaru da komai ba. Rubuta bayanin kansa: "A shanya dawa ta bushe sosai. A zuba kaɗan a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, a girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran laima. In ta bushe, a zuba a buhu mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban." Wanda ya karanta wannan zai iya yi da hannunsa. Muhawarar da aka yi kan tsadar buhu kuwa, layi ɗaya ya ishe ta.

Darasi na 3: Wa zai yi, me zai yi, yaushe

Nan ne kusan kowa ke tuntuɓe, kuma ba abin kunya ba ne. Mu bi a hankali.

An amince a sayo buhuna a haɗe. Yawancinku za ku rubuta: "Za a sayo buhuna." Wa zai sayo? Takardar ba ta faɗa ba. Kowa zai zaci wani ne, har ƙwari su gama da dawar. Ka tambayi jimlarka abu uku: wa, me, yaushe. Ga yadda za ta zama:

"Ma'aji zai karɓi kuɗin buhu daga kowane mamba kafin Juma'a, 12 ga wata. Sakatare zai je Sinnar ya sayo buhu 60 ranar Lahadi, 14 ga wata."

Ɗora yatsa a kan "ma'aji". Shi ne wa. Matsa zuwa "karɓi kuɗin buhu". Shi ne me. Matsa zuwa "12 ga wata". Shi ne yaushe. Madalla. Yanzu yi haka da jimlar sakatare, da baki, a ji ka.

Mu sake. "Za a sanar da mata." Wa zai sanar? Gyara: "Shugabar mata za ta nuna gwajin gishiri a gidanta ranar Talata, 16 ga wata, bayan la'asar." Wa, me, yaushe.

Ku faɗi in sha Allahu, ku rubuta shi ma, amma ku sa rana a gefensa. "Nan ba da daɗewa ba" ba rana ba ce. "Bayan girbi" ma ba rana ba ce, don girbin wani ya riga na wani. Haba jama'a, an maimaita wannan a allo har alli ya ƙare, amma littattafai na dawowa cike da "za a". Duk inda ka ga "za a" a wannan sashe, ja masa layi, ka sa sunan mutum ko muƙaminsa. Kuma kada ka ɗora aiki a kan wanda bai zo ba sai an tambaye shi ya yarda. In akwai abin da ake so daga gare su, kamar kuɗin buhu, rubuta shi a layinsa daban, da wanda za su ba wa, da ranar ƙarshe.

Darasi na 4: Sa hannu

Rubuta sunanka da rana a ƙasa. Shugaba ma ya sa hannu.

Darasi na 5: Aikawa

Karanta wa wanda bai je taron ba. In ya tambaye ka "wa zai yi?", koma darasi na 3. In bai tambaya ba, ɗauki hoton takardar da waya ka tura.

Aikin gida: gyara wannan jimla. "Za a share ɗakin ajiya."